Hannu Uku, Baki Ɗaya

A ce wani shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari yana da shafi a TikTok, kuma mutum uku ke rubuta abin da za a faɗa a bidiyoyinsa. Ranar Litinin mai kallo ya ji an ce, "Assalamu alaikum, ku zo ku ga sabon kaya." Ranar Laraba sai ya ji, "Hajiyata, kin ga wannan kuwa?" Ranar Juma'a kuma wani ya ɓarke da Ingausa, har farashin ma da Turanci ya faɗe shi. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, amma mai kallo ya kasa gane da wa yake magana. Maganin wannan shi ne takardar da ke tsara muryar shafin, wadda kowane marubuci zai ajiye a gabansa.

Yawancin masu rubuta irin wannan takarda da siffofi suke farawa: muryarmu ta mutunci ce, mai fara'a, mai jan hankali. A ganina ɓata tawada ne, domin duk su ukun nan za su rantse cewa da mutunci da fara'a suka rubuta nasu. Abin da ke aiki shi ne a yanke hukunci a kan wuraren da marubuta ke rabuwa. A Hausa kuwa wuri na farko shi ne wakilin suna. Mai rubutu da Turanci kalma ɗaya gare shi ta kiran mai kallo, mu kuwa sai mun zaɓa tsakanin "ka", "ki" da "ku". "Ki" tana jawo mace kusa, kamar ƙawa ce ke mata raɗa, amma tana sallamar magidancin da ya leƙo don ya haɗa lefe. "Ku" tana ɗaukar kowa, tana ɗauke da girmamawa, sai dai ba ta da wannan ɗumin. Shagon namu ya zaɓi "ku", to a rubuta haka ƙarara: kullum "ku" ga mai kallo, kullum "mu" ga shago, ba a cewa "ni".

Daga nan sai karin harshe. Idan ɗaya daga cikin marubutan Basakkwace ne, hannunsa zai riƙa kawo "wanga" da "biyat" inda Bakano zai ce "wannan" da "biyar". Duk Hausa ce ingantacciya, amma shafi ɗaya sai ya tsaya a kan ɗaya. Haka batun kuɗi: a ce "naira dubu goma sha biyar turmi", kuma a kan allo a rubuta ₦15,000. Sai ɗan jerin kalmomin da aka haramta, kamar "kwastoma" idan an zaɓi "masu saye", ko rantsuwa da Allah a kan ingancin kaya.

Kowace doka a haɗa ta da jimla biyu, wadda ake so da wadda ba a so. Idan dokar ita ce ba a zuzuta kaya, a nuna: ba ma cewa "wannan atamfa ta fi kowace a duniya", muna cewa "auduga ce zalla, yadi shida, mun wanke ta sau uku ba ta zuba ba". Sabon marubuci zai fi ɗaukar darasi daga wannan fiye da shafi guda na bayani.

Kamfanin Mailchimp na Amurka, wanda ya saki tasa takardar kowa ya karanta, ya bambanta abu biyu: murya ba ta canzawa, amma lafazi yana bin yanayi. Shagonmu ma haka. Bidiyon kayan Sallah zai ɗauki raha, amma na sanar da ƙarin farashi, ko na ba da haƙuri a kan kayan da suka makara, ba ya ɗaukar barkwanci ko kaɗan. Duk da haka "ku" da "mu" suna nan daram.

Tunda da baki za a faɗa, tsawo ma doka ne. A sa mai gabatarwa ya karanta rubutu ana duba agogo. Idan kalma saba'in ta cinye masa daƙiƙa talatin, to ma'aunin shafin ke nan, kuma duk jimlar da ta sa shi jan numfashi a tsakiya sai a raba ta biyu.

Ana gane ko takardar ta yi aiki da gwaji mai sauƙi. A ba su ukun shadda ɗaya, kowa ya rubuta nasa, a cire sunaye, mai shago ya saurara ana karantawa. Idan ya ce "wannan na wane ne", a tambaye shi wace kalma ce ta tona asirin. Wataƙila "gaskiya fa" ce da wane ke buɗe kowace jimla da ita. Sai a yanke shawara nan take: ko a hana ta, ko a mayar da ita ta kowa, sannan a ƙara layin a takardar kafin a ɗauki bidiyo na gaba.