Lissafin abincin bututu: yadda ake ciyar da wanda injin ke yi wa numfashi

Tambayar da 'yan uwa suka fi yi a ƙofar ɗakin kulawa ta musamman, bayan "ya jikin nasa?", ita ce "ya ci wani abu kuwa?" Tambaya ce mai kan gado. Mutumin da aka zura wa bututun numfashi ta baki har cikin hanyar iska ba ya iya taunawa, ba ya iya haɗiya, kuma galibi an ba shi maganin da zai sa shi barci. Amma hanjinsa na nan, jikinsa kuma yana ƙona tsokarsa don ya yi yaƙi da ciwo. Shi ya sa ake zura wani siririn bututu daban, ta hanci ko ta baki, har cikin tumbi, a riƙa tura abinci mai ruwa-ruwa ta nan. Idan hawan jininsa ya daidaita, ana so a fara cikin awa 24 zuwa 48 da kwantar da shi.

Abin da ke rataye a sandar gefen gadon ba a zuba shi da ƙiyasin ido. Akwai lissafi, kuma amsoshi uku ake nema: mililita nawa na abinci a yini, mililita nawa a kowace awa, sai kuma ruwa zalla nawa za a bi da shi. Mu ɗauki misali mu bi shi daga farko har ƙarshe. Magidanci ne ɗan shekara 40, nauyinsa kilo 70, ya yi hatsarin babur ya bugu a ka, yanzu injin ne ke taya shi numfashi.

Komai daga nauyi yake farawa. Akwai na'urar da ke auna ainihin ƙarfin da jiki ke ƙonawa daga iskar da mara lafiya ke shaƙa da wadda yake fitarwa, amma asibitoci kaɗan ne suke da ita. Inda babu, ana amfani da ƙa'ida mai sauƙi: kimanin kalori 25 ga kowane kilo a yini. Kilo 70 sau 25 ya ba mu kalori 1,750. Furotin, wato sinadarin gina jiki, ana so ya kai aƙalla giram 1.3 ga kowane kilo, wato giram 91 ga mutuminmu. Nauyin da ake aiki da shi kuwa na kafin kumburi ne. Wanda aka yi wa ƙarin ruwa da yawa zai iya ƙara kilo da dama cikin kwana biyu, kuma ruwa ba ya bukatar abinci. Mai ƙiba sosai ma ana gyara adadin nauyinsa kafin a fara, domin kitse ba ya cin ƙarfi kamar tsoka.

Kafin a juya kalori zuwa mililita, sai a duba ko akwai ƙarfin da ke shiga jikinsa ta wata ƙofa. A nan ne ake yawan tuntuɓe. Maganin barcin da aka fi ba wa masu rauni a ka, furofofol, fari ne kamar madara saboda a cikin mai aka narka shi, kuma kowace mililitarsa tana ɗauke da kalori 1.1. Idan mutuminmu na samun mililita 10 a awa, a yini ya samu mililita 240, wato kalori 264 ba tare da ko ɗigon abinci ya shiga cikinsa ba. A cire wannan daga 1,750, saura 1,486. A aikace sai a ce 1,500. Wanda ya manta da wannan ragi zai ciyar da mara lafiya fiye da kima: sukarin jini ya hau, hanta ta tara kitse, jiki ya riƙa fitar da gurɓatacciyar iska mai yawa, abin da ke jinkirta raba shi da injin numfashi.

Yanzu sai a ɗauki kwalbar abincin a karanta abin da ke jikinta. Wanda aka fi samu yana ba da kalori ɗaya a kowace mililita, da furotin kusan giram 40 a lita, kuma kashi 85 cikin ɗari nasa ruwa ne. Da irin wannan, kalori 1,500 na nufin mililita 1,500 a yini. Amsa ta farko ke nan.

Amsa ta biyu kamar rabawa ce kawai: 1,500 a raba gida 24, ya kama mililita 62 ko 63 a awa. A takarda daidai ne, a gefen gado kuwa da wuya ya tabbata. Za a tsayar da abincin don a kai shi ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, a tsayar don a shiga da shi tiyata, wani lokaci bututun ya toshe ko ya zame a jira a sake sawa. Awa huɗu na iya salwanta a haka, kuma awa huɗu a kan 62 kusan mililita 250 ne, kashi ɗaya cikin shida na abincin yini. Idan haka ta maimaitu mako guda, mara lafiya ya yi asarar fiye da abincin kwana ɗaya cur, alhali takardarsa na nuna ana ciyar da shi yadda ya kamata. Don haka wasu ɗakunan ke raba jimillar a kan awa 20, su saita famfon a kan mililita 75 a awa. Wasu kuma nas ake ba wa adadin yini, ita ta ƙara gudu don cike giɓin da aka samu, bisa iyakar da aka gindaya mata. A ganina duk wanda aka zaɓa, abin da ya fi muhimmanci shi ne kowace safiya a duba abin da ya shiga da gaske, ba abin da aka rubuta a ba shi ba.

Ba a kuma fara wa da 75 ɗin. Ana soma wa da mililita 10 zuwa 20 a awa, a ga yadda cikin ya karɓa, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan bayan 'yan awanni. A kwanaki ukun farko jiki na fitar da sukari daga ajiyarsa, don haka ba a son a wuce kashi 70 cikin ɗari na bukata. Ga mutuminmu wannan kalori 1,225 ne. A cire na furofofol, ya rage kusan 960, wato kimanin mililita 50 a awa. Daga kwana na huɗu a doshi cikakken adadi. Idan kuwa mutum ne da ya daɗe bai ci ba kafin ya kwanta, sai a ƙara sassautawa, a ba shi bitamin tayamin, a riƙa auna fosfet da fotasiyam da maganiziyam a jininsa, domin dawowar abinci bagatatan na iya sa su faɗi ƙasa har zuciya ta rikice.

Akwai giɓin da lissafinmu ya bari. Lita ɗaya da rabi ta wannan abinci furotin giram 60 kawai ta ƙunsa, mu kuwa 91 muke nema. Ƙara yawan abincin ba mafita ba ce, kalori zai yi yawa. Sai dai a sauya zuwa nau'in da ke da furotin mai yawa, ko a dama garin furotin a ba shi daban har ya cike giram 30 ɗin da suka rage.

Sai ruwa, wanda shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Babban mutum na bukatar kusan mililita 30 zuwa 35 ga kowane kilo a yini. Mu ɗauki 30: mililita 2,100. Abincin nasa mililita 1,500 ne, amma ba dukansa ne ruwa ba. Kashi 85 cikin ɗari ya ba mu 1,275. Mu ƙaddara cewa magungunan da ake ba shi ta jijiya suna shiga da wani mililita 300. Saura 525. Yana kuma shan magani ta bututu sau uku a yini, kuma kowane karo ana wanke bututun da mililita 30 kafin magani, 30 bayansa. Wannan 180 ke nan. Abin da ya rage 345, a raba gida shida, ya kama kusan mililita 60 kowace awa huɗu. Umurnin da za a rubuta a takardarsa ya kammala: abinci mililita 1,500 a kan 75 a awa na tsawon awa 20, ruwa mililita 60 duk bayan awa huɗu, da 30 kafin da bayan kowane magani.

Aiki biyu wannan ruwa yake yi. Yana kashe ƙishin jiki, yana kuma hana bututun toshewa, musamman idan an niƙa ƙwayar magani an tura. Shi ya sa ko da an taƙaita wa mutum ruwa saboda ciwon zuciya ko na ƙoda, ba a fasa wankewa da kimanin mililita 30 duk awa huɗu. Da a ce an zaɓi abinci mai kauri, mai kalori ɗaya da rabi a mililita, lita ɗaya ta isa, amma ruwan cikinta bai wuce mililita 770 ko makamancin haka ba. Kusan rabin lita na ruwa ya ɓace ke nan, kuma idan ba a mayar da shi ta sirinji ba, sai gishirin sodiyam ya hau a jini. Awon sodiyam, wanda daidaitonsa ke tsakanin 135 da 145, tare da yawan fitsari, su ke nuna ko lissafin ya yi daidai. Zazzaɓi da gudawa na ƙara bukatar ruwa. Amma ga mai rauni a ka irin mutuminmu, likita kan yi kaffa-kaffa da ruwa zalla, domin faɗuwar sodiyam na ƙara kumburin ƙwaƙwalwa.

Lissafin ba ya zama wuri ɗaya. Ranar da aka dakatar da furofofol, kalori 264 ɗin nan sun tafi, abincin ya koma mililita 1,750, gudun ya tashi zuwa kusan 88 a awa, ruwan da ake bi da shi kuma ya ragu tunda abincin ya ƙaro nasa.

Babban hatsarin da ake gudu shi ne abinci ya shiga huhu. Don haka ba a fara turawa sai an tabbatar da inda bakin bututun yake, galibi da hoton ƙirji, kuma ana ɗaga kan gadon digiri 30 zuwa 45. Amai, kumburin ciki, ko a zuƙo ragowar abinci fiye da mililita 500 daga tumbi, duk alamu ne na a dakata a duba.

A asibitocinmu da dama abincin kwalba ya fi ƙarfin aljihu, famfon ma ba kullum ake samu ba. Sai a dama koko a haɗa da madara da waken suya da ƙwai, a tace, a riƙa turawa da babban sirinji a hankali, misali mililita 250 sau shida. Hanya ce da ke ceton rai, amma tana da rauninta: kokon da aka tsinka har ya iya bin siririn bututu sau da yawa bai kai kalori ɗaya a mililita ba, kuma yana saurin lalacewa a zafi. Wajibi ne masanin abinci na asibiti ya auna haɗin, ba a ɗauka cewa cikar sirinji ita ce cikar bukata ba.

Ga 'yan uwa masu jinya kuwa, roƙo ɗaya ne. Kada ku sauke kan gadon don kuna ganin ya fi masa daɗi, kada ku taɓa famfon, kuma kada ku ɗura masa komai ta baki ko ta bututu, ko kunu ne, ko ruwan Zamzam, ko rubutu. Idan kuna da abin da kuke so a ba shi, ku kai wa nas ta tambayi likita; in an amince, za a sa shi cikin lissafin ruwan ranar.