Me T11, T12 da T13 suke nufi a tseren makafi?

Ran nan muna kallon tseren mita 100 na gasar Olamfik ta nakasassu a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu, sai wani ya ce: "Kai, wannan ai yana gani, yaya aka yi ya shiga cikin makafi?" Gaskiya ne yana gani kaɗan, amma ajinsa daban ne. Lambar da ke kan allo ita ke faɗa.

Harafin T na nufin tsere da tsalle, F kuma na wasannin jifa. Lambobi 11 zuwa 13 na masu matsalar gani ne, kuma ƙaramar lamba ita ce lalura mafi tsanani.

Kafin ɗan wasa ya shiga babbar gasa, ƙwararrun ido suke gwada shi. Idon da ya fi lafiya ake dubawa, kuma da tabarau idan yana amfani da shi. Wanda tabarau ke gyara masa gani ba ya cikin lissafi. Abu biyu ake aunawa: ƙarfin gani da faɗinsa. Idan abin da mai lafiyar ido ke hangowa daga mita 60 kai sai ka matso mita 6 kake ganinsa, ka kai shiga T13. Haka wanda ke gani tamkar ta cikin bututu, ba ya ganin gefe. T12 ya fi wannan tsanani, shi ya sa ake ba shi zaɓi ya yi gudu da ɗan jagora ko shi kaɗai. A T13 babu ɗan jagora.

T11 ne ya fi burge ni. Wani ba ya ganin komai, wani yana ɗan gane haske, don haka ake rufe idon kowa da ƙyalle su zama ɗaya. Kowa da ɗan jagoransa, suna riƙe da 'yar igiya, an ba su layi biyu. Shi ya sa za ka ga mutum huɗu kacal suna tsere a fili mai layi takwas. Ɗan jagora ba zai ja ko ya tura ba, kuma in ya riga ɗan wasan tsallake layin ƙarshe, an kore su.

Bambancin yana fitowa a agogo. Jason Smyth na Ireland, ɗan T13, ya yi daƙiƙa 10.46 a Landan a 2012. David Brown na Amurka, ɗan T11, ya yi 10.92 a 2014. Kusan rabin daƙiƙa ke nan, wato mita huɗu ko biyar a fili.

Inda gizo ke saƙar shi ne gwajin ido ya dogara da amsar mutum, zai iya cewa bai gani ba alhali ya gani. Don haka ake haɗawa da takardun asibiti, a sake gwada wanda ganinsa ke canzawa, wanda aka kama da ƙarya kuma a dakatar da shi.