Ba birus ne ya mai da "ƙasa" ta koma "qasa" ba

A shagunan buga takardu na bakin jami'o'inmu akwai ƙorafin da ya ƙi ƙarewa: wai sabon Word yana lalata tsofaffin rubuce-rubucen Hausa, ko kuma birus ya cinye su. Malami zai zo da kundin digirinsa da aka buga tun wajen 2004, a buɗe, sai a ga "qasa" a gurbin ƙasa, "xaya" a gurbin ɗaya, "varna" a gurbin ɓarna. Nan take mai shago zai yanke hukunci cewa sai an sake bugawa daga farko, kowane shafi da kuɗinsa. Alhali rubutun lafiyarsa ƙalau.

A wancan zamani yawancin masu buga Hausa ba sa amfani da haruffa masu lanƙwasa na gaskiya. Wani samfurin rubutu na musamman ake sa wa kwamfuta, wanda aka zana ƙ a gurbin q, ɗ a gurbin x, ɓ kuma a gurbin v. Wani samfurin ma alamomi ya ara, shi ya sa ake cin karo da "}asa" da "]aya". Abin da fayil ya adana tun ranar farko q ne, samfurin ne kawai ya sa masa riga. Da aka kai shi kwamfutar da babu rigar, sai ya fito a yadda yake. Neman tsohon samfurin a sake sawa ba magani ba ne, domin da zarar an tura wa wani a waya matsalar za ta dawo.

Mu ɗauki wani kundi irin wannan, mu ce sunansa kundi.doc kuma ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. Kafin a taɓa komai, a kwafe shi daga filashi ko faifan da yake ciki zuwa kwamfuta, a yi aiki a kan kwafin, domin kowane yunƙurin gyara yana iya ƙara ɓarna. Kada kuma a sauya wutsiyar sunan daga .doc zuwa .docx da hannu, kamar yadda wasu ke yi. Tsarin .doc na Word 97 zuwa 2003 ne, shi kuwa .docx da ya zo da Word 2007 ƙunshi ne na ƙananan fayiloli da aka matse wuri guda. Sauya suna ba ya sauya ciki, sai dai ya sa Word ya ce fayil ɗin ya lalace.

A cikin Word, a shiga File, sai Open, sai Browse, a zaɓi fayil ɗin, a danna ƙaramar kibiyar da ke gefen Open, a zaɓi Open and Repair. Idan bai yi ba, a gwada LibreOffice, manhajar kyauta da sau da yawa take buɗe abin da Word ya ƙi, har da fayilolin WordPerfect. Matakin ƙarshe shi ne Recover Text from Any File, wanda ke cikin jerin nau'o'in fayil a wannan tagar ta Open. Wannan zai tsamo kalmomi kawai: jadawali da hotuna da tsarin shafi sun tafi, kuma za a ga tarkacen alamomi a sama da ƙasa da sai an share. Idan kuwa girman fayil ɗin ya nuna 0 KB, babu komai a ciki, sai a nemi wani kwafin.

Da zarar ya buɗe, a yi Save As a zaɓi .docx, sannan a koma kan haruffa. A danna Ctrl+H, a kunna Match case don kada babban baƙi ya gauraya da ƙarami, a musanya q da ƙ, Q da Ƙ, haka har su shida. Wanda ba shi da haruffan a allon bugunsa zai iya rubuta 0199 ya danna Alt+X, ƙ za ta fito. 0257 na ɗ ne, 0253 na ɓ.

A nan ne gaggawa ke yin ɓarna. Replace All ba ya bambanta Hausa da Turanci, don haka duk sunan littafi ko na marubuci da ke da v ko x ko q zai gurɓace, har lambobin Romawa na shafukan farko. Wanda ya taɓa ganin "Uniɓersity" a manazartar wani kundi ya ga sakamakon. Gara a haskaka babobin Hausa kaɗai a musanya, manazarta kuwa a bi ta ɗaya bayan ɗaya da Find Next. A ƙarshe a sa samfurin da ke da haruffan, a gwada neman kalmar "ƙasa". Idan ta fito, aiki ya yi.

Sassan jami'o'i da ma'aikatu sun shekara suna karɓar faya-fayai daga ɗalibai da ma'aikata suna jibgewa a kabad, ba tare da an taɓa buɗe su ba. Faifai yana lalacewa, kuma yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba su da wurin sa shi. Juya kundi guda aikin yini ɗaya ne ko ƙasa da haka, amma sai in faifan yana karantuwa.