Katin Barka da Sallah na Kamfani: Me Za a Faɗa da Hausa, Me Za a Bar wa Turanci?

Azumi na kaiwa goman tsakiya, kamfanoni kan fara kai aikin katin gaisuwa maɗaba'a. Yawancinsu hanya ɗaya suke bi: a rubuta saƙo da Turanci, a miƙa wa wani ma'aikaci Bahaushe a ce ya juya shi. Daga nan katin yake lalacewa, domin harsunan biyu ba aiki ɗaya aka ɗauke su yi ba.

Mu ɗauki kamfanin da ke sayar da takin zamani a Kano. Masu hulɗa da shi kashi biyu ne: dillalai na Dawanau da kasuwannin ƙauye, sai kuma bankuna da masu kawo masa kaya daga Legas. Katin takarda ce A4 da aka ninke biyu, ta ba da fuska huɗu.

Fuskar gaba ta Hausa ce: "Barka da Sallah" da manyan baƙaƙe, tambarin kamfani ƙarami a ƙasa. Ma'aikacin bankin Legas ba zai ɓata a nan ba, don ya sha jin wannan gaisuwa.

A ciki ne ake buƙatar tunani. Bahaushe idan ya gaishe ka, addu'a yake yi maka, ya kuma tambayi gida. Saboda haka shafin dama, inda ido ke fara sauka, zai iya ɗaukar wannan: "Barkanku da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Mun gode da amana, Allah Ya bar zumunci. A gaida iyali." An ce "barkanku" ne don jam'in girmamawa ya dace da Alhaji, ya dace da Hajiya, ba sai an buga kati iri biyu na "ka" da "ki" ba. A bar fili a sama a rubuta suna da hannu tare da laƙabinsa. Dattijon da ya shekara ashirin yana sauke tirelar taki, in ya ga sunansa tsirara babu Alhaji, ba zai ce komai ba, amma ya gani.

Shafin hagu na Turanci ne, kuma kada ya bi sawun Hausar layi-layi. Jimla biyu sun isa: fatan alheri na bikin, da godiya bisa hulɗar shekara. Daga cikin masu karanta wannan shafi akwai waɗanda ba su yi azumi ba, don haka addu'ar karɓar ibada ta tsaya a ɓangaren Hausa. Haka nan alƙawarin ci gaba da kyautata hidima, da ake yawan rufe wasiƙar Turanci da shi, kada a tsallako da shi. A Hausa, talla cikin gaisuwar Sallah tamkar ka je barka ne ka ɓuge da bin bashi.

Abu ɗaya ne tilas ya zo da harsunan biyu, ma'ana ɗaya: ranakun rufe ofis da sito. A nan ma kada a buga kwanan wata. Ramadan kan yi 29 ko 30, kuma sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar, alhali katin ya riga ya bar maɗaba'a. A rubuta "za mu rufe ranar Sallah da washegari". Babbar Sallah ta fi sauƙi, tunda 10 ga Zulhajji ake yin ta, an san ranar tun farkon watan.

Bayan katin kuwa, sunan kamfani ya zauna yadda aka yi masa rajista, da lambar rajistar, adireshi da waya. Ba a fassara waɗannan.

Saura baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ, ɗ da ƙ. Salon rubutu na ado da masu zane ke so sau da yawa ba shi da su. Alamar matsalar a fili take: ko ɗan akwati ya fito a gurbin harafin, ko harafin ya fito siriri daban da 'yan uwansa, don kwamfuta ta aro shi daga wani salon. Wani mai zanen sai ya share lanƙwasar ya huta, "zaman lafiyar ƙasa" ya koma na "kasa". Noto Sans da Charis SIL suna da baƙaƙen, manya da ƙanana. Idan da CorelDRAW ake aikin, a mayar da rubutun zane da Ctrl+Q kafin a tura, yadda ba zai sauya a wata kwamfutar ba.

Kamfanin da ke da abokan ciniki Kirista masu jin Hausa a Jos ko Kafanchan ya tanadi nasu na Disamba, da "Barka da Kirsimeti". Kowanne ne dai, kada ku ba da izinin buga ɗaruruwa sai an fitar muku da gwaji ɗaya a takarda, wani dattijo cikin dillalanku ya karanta shi da ƙarfi kun ji.