Agogo Ɗaya, Magariba Daban-daban

A ranar 20 ga Maris na 2025, ana tsakiyar azumin Ramadan, rana ta faɗi a Maiduguri da misalin ƙarfe 6:18 na yamma. Mutanen Kano sai da suka jira har 6:37, na Sakkwato kuwa ba su kai dabino baki ba sai kusan 6:50. A Yamai, babban birnin Nijar, bakwai ta ɗan gota kafin ladan ya kira magariba. Duk garuruwan nan lokaci ɗaya suke bi, babu wanda agogonsa ya yi gaba ko ya yi baya. To, ina bambancin ya fito?

Agogo dai yarjejeniya ce ta mutane. A da kowane gari da tsakar ranarsa, wato lokacin da inuwa ta kai iyakar gajarta. Da jirgin ƙasa da wayar tangaraho suka zo, sai aka ga ba zai yiwu kowace tasha ta riƙe nata lokacin ba. A taron da aka yi a Washington a 1884 aka amince a riƙa auna gabas da yamma daga layin da ya ratsa Greenwich a Landan, daga nan ƙasashe suka riƙa zaɓar lokaci guda na bai ɗaya. Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaban Greenwich da awa ɗaya, kuma wannan lokacin an yanka shi ne a kan layin digiri 15 gabas. Layin ya bi ta gefen Injamena. Babu wani gari a Nijeriya da ya taɓa shi, ƙasar duka tana yammacinsa. Ke nan, in aka bi ta lissafi, bakano da basakkwace da ɗan Legas duk da ranar Injamena suke saita agogo.

Ita kuwa rana ba ruwanta da yarjejeniya. Duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, tana cika digiri 360 cikin awa 24. Wato digiri 15 a awa guda, ko kuma digiri ɗaya a minti huɗu. Wanda ya riƙe minti huɗun nan ya riƙe rabin zancen.

Maiduguri tana kan digiri 13 da 'yan kai a gabas, Kano na kan 8 da rabi, Sakkwato na kan 5 da kwata. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai kusan digiri 8, a ninka da huɗu, an sami minti 32, daidai da tazarar buɗa-bakin da aka gani. Tsakanin Kano da Sakkwato digiri 3 ne da kwata, minti 13 ke nan. A yankinmu digiri ɗaya ya kai kimanin kilomita 109, don haka duk wanda ya miƙe yamma sosai na kilomita 27 ya ƙara wa kansa minti ɗaya na jiran magariba. Direban da ya taso daga Kano ya nufi Gusau da azumi a bakinsa ya ƙara kusan minti bakwai, amma gobe zai samu rangwamen a sahur, domin alfijir ma zai makara masa.

Ɗaya rabin zancen shi ne wanda ya fi shige wa mutane duhu, wato kudu da arewa. Kano da Kalaba kusan a layi ɗaya suke in ana maganar gabas da yamma, tazararsu ba ta kai ta minti ɗaya ba. Ranarsu takan tsaya tsaka tare. Amma a ƙarshen Yuni, wunin Kano yakan kai awa 12 da minti 50, na Kalaba kuwa awa 12 da minti 24. Rarar minti 26 ɗin nan rabuwa take yi biyu: rana ta riga hudowa a Kano da minti 13, ta kuma yi jinkirin faɗuwa da minti 13. A Disamba sai abin ya juye, wunin Kano ya sauko zuwa awa 11 da minti 25, Kalaba ta yi masa fintinkau.

Dalili shi ne duniya a karkace take juyawa, karkatar da ta kai kusan digiri 23 da rabi. A Yuni ɓangaren arewa ne ke fuskantar rana, a Disamba kuma na kudu. Gwargwadon nisan gari daga ikwaita, gwargwadon yadda wuninsa ke miƙewa da takurewa a cikin shekara. Kalaba tana kusa da ikwaita, digiri 5 kacal, shi ya sa ba ta jin sauyin sosai. Kano na kan digiri 12, Agadas kuwa na kan 17, can abin ya fi fitowa fili. Sai a wajajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba ne wuni ke yin kusan daidai a ko'ina, lissafin minti huɗu ya tsaya shi kaɗai.

A dubi Maiduguri da Legas, inda abubuwan biyu suka haɗu. Ta fuskar gabas da yamma, Maiduguri na gaba da minti 39, kuma wannan ba ya canzawa. Ta fuskar arewa da kudu akwai wasu minti 10 da ke sauya ɓangare. A ƙarshen Yuni rana na faɗuwa a Maiduguri da misalin 6:34, a Legas 7:03, tazarar ta ragu zuwa minti 29 saboda dogon wunin arewa ya cinye minti goma. A ƙarshen Disamba kuwa Maiduguri 5:48 ce, Legas 6:37, tazara minti 49. Da yake Ramadan na matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, wanda ya yi azumin 2016 a Yuni da na 2000 a Disamba ya ɗanɗana duka biyun, ko da bai lura ba.

Nan ne kuskure ke shigowa. Kalandar salla da aka buga don Kano ba ta aiki a Sakkwato, wanda ya bi ta zai sha ruwa rana na sama. Haka kiran sallar gidan rediyo, na garin da tashar take ne. Dabarar da wasu masu buga kalanda ke yi, ta rubuta a ƙasan shafi cewa gari kaza a ƙara minti kaza, tana da dama-dama tsakanin garuruwan da ke jere gabas da yamma, kamar Kano da Birnin Kebbi. Amma tsakanin arewa da kudu lamba ɗaya ba za ta riƙe shekara ba, misalin Legas ya isa shaida. Ana iya gane kalandar da ba ta gari ba ce ta hanya mai sauƙi: a ranar da gari ya washe, babu hazo, a fita fili a dubi lokacin da ƙwayar rana ta ɓace, a gwada da abin da ke rubuce. Minti ɗaya ko biyu ba komai ba ne, tudu ko kwari ma kan jawo haka. In ya kai biyar ko goma, kuma kullum ta ɓangare guda, to lissafin wani gari ne.

Duk da haka namu mai sauƙi ne. Ƙasar Sin, duk faɗinta, lokacin Beijing kaɗai take bi a hukumance, wanda aka yanka a kan digiri 120 gabas. Birnin Kashgar da ke can yamma yana kan digiri 76, tazarar kusan awa uku ke nan. A Disamba rana ba ta hudowa a can sai goma ta wuce, abin da ya sa jama'ar yankin da yawa suke riƙe da nasu lokacin na gida, wanda ke bayan na Beijing da awa biyu.