Awon Asuba Ya Ce Lafiya Lau, Na Magariba Ya Ce 17

Kawuna yana sayar da siminti da rodi a kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma ya daɗe yana fama da asma. A hunturun bara ƙurar siminti da hazo suka haɗu suka shaƙe shi, har aka kwantar da shi a wani asibiti, ni kuma aka ce in zauna jinya tunda muna hutu. Ranar farko aka yi masa allurar haidirokotizon ta jijiya, washegari aka mayar da shi kan ƙwayar firedinisolon, miligiram 40 kowace safiya, wato ƙwaya takwas masu miligiram 5. Numfashi ya buɗe, Alhamdulillahi. Amma a kwana na uku sai ga Kawu yana shanye ruwan leda ɗaya bayan ɗaya, yana zarya banɗaki, yana cewa idonsa na gani dishi-dishi. Mutumin da bai taɓa ciwon suga ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne awon sugansa na asuba 6.1 ya nuna, lafiya lau. Da likita ta sa aka sake aunawa dab da magariba, sai na'ura ta nuna 17.4.

Abin da na koya a wannan jinyar shi nake so in ba ku, domin yawancinmu nan makaranta, yau ko gobe, za a ce mana mu je mu zauna da wani a gadon asibiti.

Me ya haɗa maganin asma da suga?

Firedinisolon da haidirokotizon da dekzametazon, wanda ake ce wa dekza, duk 'yan gida ɗaya ne, ana kiransu sitiroyid. Kwaikwayo ne na wani sinadari mai suna kotizol da jiki ke samarwa daga wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda. Likitoci na ba da su don kwantar da kumburi: asma mai tsanani, wasu cututtukan ƙoda da na fata, kumburin gaɓoɓi da na ƙwaƙwalwa. Lokacin korona ma, a watan Yunin 2020, wani babban gwaji a Birtaniya ya nuna cewa dekza miligiram 6 a rana na rage mutuwa a cikin marasa lafiyar da ke buƙatar iskar oksijin. Magani ne mai ceton rai, ba wasa.

Sai dai ɗaya daga cikin ayyukan kotizol shi ne tara suga a jini lokacin da jiki ke cikin wahala. Yana sa hanta ta ƙara ƙera suga ta zuba a jini, sannan yana sa tsoka ta daina jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa cikin tsoka. Abin da jiki ke samarwa da kansa a rana bai wuce kwatankwacin firedinisolon miligiram 5 zuwa 7 ba. To ka ga Kawu yana shan 40. Ya ci shinkafa, suga ya shiga jini, tsoka ta ƙi karɓa, hanta kuma tana ƙarowa. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai ciwon suga tun asali, da mai ƙiba, da wanda ya manyanta, da wanda ake da ciwon a danginsu.

Dalilin da awon asuba ke yaudara

Idan aka sha firedinisolon ƙarfe takwas na safe, ƙarfinsa kan suga yana kai ƙololuwa bayan awa huɗu zuwa takwas, sannan ya yi ta raguwa cikin dare. Ma'ana suga zai fara hawa daga azahar, ya kai maƙura tsakanin la'asar da isha'i, kafin asuba ya sauko kamar ba a yi komai ba. Mu kuma mun saba jin cewa awon suga na gaskiya shi ne na safe kafin a karya kumallo. Ga mai shan sitiroyid da safe, wannan awon shi ne mafi ƙarancin amfani.

Ga yadda takardar Kawu ta nuna da aka fara auna shi sau huɗu: asuba 6.1, kafin abincin rana 9.8, kafin abincin dare 17.4, kafin barci 15.2. Da asuba kaɗai ake dubawa, da an sallame shi ana cewa ƙalau yake.

Ƙa'idar da likitocin suga na Birtaniya suka shimfiɗa, wadda likitarmu ta bi, mai sauƙin riƙewa ce. Wanda ba shi da ciwon suga, a auna shi aƙalla sau ɗaya a rana, wajen abincin rana ko na dare. Idan ya haura 12, a koma sau huɗu. Idan ya haura 12 sau biyu cikin awa 24, a fara magani. Mai ciwon suga tun asali kuwa sau huɗu ne daga ranar farko. Abin da ake nema shi ne a tsayar da shi tsakanin 6 da 10.

A kula da abu ɗaya: na'urorin awo iri biyu ne. Wata tana rubuta mmol/L, wata mg/dL. Ka ninka na farko sau 18 ka sami na biyu, wato 12 daidai yake da 216, 10 kuma 180. Ka duba fuskar na'urar kafin hankalinka ya tashi.

Yadda ake daidaita insulin

Ba a dakatar da sitiroyid don suga ya hau, tunda cutar da aka ba da shi dominta tana nan. Ana neman maganin suga ne wanda lokacin aikinsa ya yi daidai da na sitiroyid ɗin. Idan hawan kaɗan ne, likita na iya ba da ƙwayar gilikilazayid da safe. Idan ya yi sama kamar na Kawu, sai insulin, kuma wanda ya fi dacewa da firedinisolon na safe shi ne wanda aka rubuta NPH a jikin kwalbarsa, mai fari-fari kamar an gauraya madara. Ana yin sa da safe tare da shan ƙwayar. Ƙarfinsa na kai ƙololuwa bayan awa huɗu zuwa goma, ya ja baya cikin dare, ka ga tare suke hawa, tare suke sauka.

Akwai lissafin da likitoci ke amfani da shi: yunit 0.1 ga kowane kilo na nauyin mutum a kan kowane miligiram 10 na firedinisolon, kada a wuce 0.4. Kawu kilo 70 ne yana shan 40, lissafi ya ba da yunit 28. Amma likita ba ta fara da 28 ba. Ta ce min, “Ɗana, bai taɓa karɓar insulin ba, kuma ba ya cin abinci sosai. Gara in fara ƙasa in hau, da in kayar da shi.” Ta fara da rabi, yunit 14. Awon yamma ya nuna 14.6. Washegari ta ƙara kamar kashi 20 cikin ɗari, ya zama 17, yamma ta nuna 12.8. Rana ta uku yunit 20, yamma 9.7, asuba 5.8. Nan ta tsaya. Awon yamma ne ke cewa a ƙara, na asuba kuma shi ke gargaɗin an fara yin yawa.

Wannan tsarin na firedinisolon sau ɗaya da safe ne kawai. Dekza ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, miligiram 6 nasa ya yi daidai da firedinisolon 40, kuma aikinsa na wuce kwana ɗaya da rabi. Shi suga yakan zauna sama dare da rana, don haka akan buƙaci insulin sau biyu ko mai dogon aiki. Haka allurar sitiroyid da ake yi a gwiwa ko kafaɗa, wadda mu maƙwabtan Asibitin Ƙashi na Dala muka saba jin labarinta a bakin tsofaffinmu. Duk da a gaɓa aka yi ta, tana iya ɗaga sugan mai ciwon suga na wasu kwanaki, don haka sai ya yawaita awo a wannan makon.

Inda na kusa yin ɓarna

Saboda Kawu ya sha sayen wannan ƙwayar a kemis duk lokacin da ƙirjinsa ya riƙe, likita ta ce ba za a yanke ta lokaci guda ba, a hankali za a sauke. Aka sallame mu da tsari a rubuce. Ƙwaya ta sauka daga 40 zuwa 30, wato an rage kashi ɗaya cikin huɗu, insulin ma ya sauka daga 20 zuwa 15. Daga 30 zuwa 20, insulin 10. Daga 20 zuwa 10, insulin 5. Daga nan a koma asibiti.

Ranar da ƙwaya ta koma shida maimakon takwas, ni na ja allurar, kuma hannuna ya saba da 20. Ban duba takarda ba. Kawu kuma ya tsallake abincin rana yana lissafi da yaran shago. Wajen la'asar sai gumi ya keto masa, hannu na karkarwa, magana na sarƙewa. Na auna, 3.4. Duk abin da ya gaza 4 faɗuwar suga ne. Na dama sukari cokalin shayi huɗu a ruwa ya sha, bayan minti 15 na sake aunawa, 5.2, sannan ya ci tuwo. Wallahi ranar jikina ya fi nasa rawa. Da a ce ya suma, ba a ɗura masa komai a baki, sai a kwantar da shi a gefe a garzaya asibiti.

Da ya dawo hayyacinsa ya ce, “To a bar ƙwayar nan mana gaba ɗaya, tunda ita ce fitinar.” Na ce, “A'a Kawu, likita ta hana.” Wanda ya sha sitiroyid sama da mako uku, ko ya sha maimaita shi, jikinsa yakan rage samar da nasa kotizol. In aka yanke kwatsam, sai kasala da amai, jini ya faɗi ƙasa, har rai na iya salwanta. Wannan gargaɗin ya shafi masu shan dekza don su yi ƙiba, abin nan da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Mun san ana yi har a ɗakunan kwanan ɗalibai. Mai sha kada ya ci gaba, kuma kada ya yanke da kansa, ya je likita ya sauke shi, a auna masa suga da yamma.

Idan jinya ta faɗo kanka, ka tambayi likita ko nas abu uku: akwai sitiroyid a cikin magungunan nan, ƙarfe nawa ake auna suga, kuma ranar da aka rage ƙwaya yunit nawa insulin zai koma? Ka sa a rubuta maka. In kun koma gida ka ga awo ya kai 20, ko yana haura 12 a kai a kai, ko mara lafiya na amai, ko barci mai nauyi na ɗibarsa, kada a jira gobe.

Bayan an gama ƙwayar, sugan Kawu ya koma daidai, aka ajiye allura. Likita ta ce ya dawo bayan wata uku a yi masa gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na watannin baya, domin wasu sitiroyid ɗin tona asirin ciwon da ke ɓoye kawai yake yi. Ya je, sakamako ya nuna 5.9, bai kai 6.5 da ake kira ciwon suga ba, amma yana bakin iyaka. Yanzu ya rage lemon kwalba a shago, kuma ya daina aiken yaro kemis.