Yadda Ake Mayar da Yabon Kwastoma Ya Zama Talla Mai Kawo Ciniki

Duk mai bin sitatus ɗin masu sana'a a WhatsApp ya saba da wannan hoton: dogon saƙon kwastoma an ɗauko shi yadda yake, an liƙa, an rubuta "Alhamdulillah, kwastomominmu suna jin daɗi" a ƙasa, an jera zuciyoyi. Mai kallo yana gani, yana wucewa. Ba don saƙon ba shi da amfani ba, sai don an bar masa aikin tono abin da ke ciki, shi kuwa yatsansa ya riga ya matsa gaba.

Dalilin yana cikin yadda mu Hausawa muke yabo. Mutum ba ya faɗa wa magana kai tsaye. Sai ya yi sallama, ya tambayi gida da yara, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi, ya rufe da addu'a. Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma a talla takan binne jimlar da ta fi daraja a tsakiyar saƙo. Aikin mai sana'a shi ne ya zaƙulo wannan jimlar ya kawo ta gaba, ba tare da ya sa wa kwastoma magana a baki ba.

Mu ɗauki misali. A ce wata mata ce a Kano tana yin dambun nama a gida, tana aikawa garuruwa ta tashar mota. Ta aika roba biyu Abuja, washegari sai ga wannan saƙon:

"Assalamu alaikum Hajiya, ina wuni, ya gida ya yara? Saƙo ya iso jiya da magariba, direban ya kira ni na je na karɓa. Kai Hajiya, wannan dambu! Wallahi na zata zan tarar da mai ya kwanta a ƙasan robar kamar wanda na saya kwanaki a wani wuri, sai na ga a bushe yake har ƙasa. Yarinyata da ke makarantar kwana na saya wa, amma maigidan ya cinye rabin roba ɗaya. Sai dai yajin ya ɗan yi wa yara yawa. Allah ya ƙara kasuwa, in sha Allah ƙarshen wata zan sake oda."

Jimlar da ta fi faranta wa mai dambu rai ita ce "Kai Hajiya, wannan dambu!" Ita ce kuma mafi ƙarancin amfani a talla, domin kowa zai iya faɗinta a kan kowane dambu, har wanda bai ɗanɗana ba. Ga gwaji mai sauƙi: idan za a iya ɗauke jimla a liƙa ta a ƙarƙashin hoton kilishi ko turaren wuta ta zauna daram, to ba shaida ba ce, yabo ne kawai. Jimlar da ta ci gwajin ita ce ta man da bai kwanta a ƙasan roba ba. Sai wadda ta buɗe robar, ta kai cokali har ƙasa, za ta iya faɗinta. Kuma ta taɓo ainihin abin da ke hana mutane sayen dambu daga nesa. Mai saye a Abuja ba ta shakkar cewa dambu abu ne mai daɗi. Tsoronta shi ne ta tura kuɗi ga wadda ba ta taɓa gani ba, kaya su iso jage-jage da mai, ko ma su ƙi isowa. Saƙon ya amsa duka biyun: ya iso, kuma a bushe.

Kafin a rubuta komai, sai an nemi izini. Saƙon nan an aiko shi ne tsakanin mutum biyu, ba don duniya ta gani ba, ga shi har da zancen miji da 'ya a ciki. Wata ba za ta damu ba. Wata kuwa ba ta so dangin miji su san tana odar abinci daga Kano, wata tsoron baki take yi. Tambayar ba ta da tsawo: "Hajiya, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Don Allah zan iya sa maganarki ta dambun nan a shafina? Zan rufe sunanki da lambarki." Idan ta ce to, a ajiye amsar. Idan ta yi shiru, shiru ba amincewa ba ne, a bar shi. Ban da kunya da mutunci, akwai ma doka: Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma suna da lambar waya da hoton mutum duk suna cikin abin da take karewa. A wajen rufewa ne ake yawan sakaci. Sai a shafe suna a sama a manta da ɗan hoton da ke gefensa, ko a shafa launi mai shara-shara wanda ana ƙara hasken waya lambar za ta fito. Yanke saman hoton gaba ɗaya ya fi shafawa. A kuma duba cikin saƙon, ko akwai lambar asusu, ko unguwa, ko sunan makarantar yarinya.

To, ga yadda rubutun ƙasan hoton zai iya kasancewa:

"Na zata zan tarar da mai ya kwanta a ƙasan robar… sai na ga a bushe yake har ƙasa."
Wata kwastomarmu ke nan a Abuja, da ta sayi dambun naman sa roba biyu. Mun sa a mota da safe, ta karɓa da magariba.
Ta kuma ce yajin ya ɗan yi wa yara yawa. Mun ji, mun gyara: yanzu akwai mai yaji, akwai mai sauƙin yaji, sai a faɗi wanda ake so.
Roba ɗaya N8,000 a wannan watan, ban da kuɗin mota. A turo saƙo ta lambar da ke saman shafi.

Maganar kwastoma ce a layin farko, kuma da dalili. Instagram yana ba da damar rubuta haruffa har 2,200 a ƙarƙashin hoto, amma abin da ke bayyana kafin ya datse sauran bai wuce layi ɗaya ko biyu ba, kusan haruffa 125. Wanda ya kashe wannan gurbin a kan "Alhamdulillah, muna godiya ga Allah da ya ba mu kwastomomi nagari" ya ɓoye shaidarsa a inda sai an latsa za a gani. Godiyar ba laifi ba ce, a sa ta a ƙasa.

An cire sallama da addu'a, an cire zancen maigida, an kuma cire "kamar wanda na saya kwanaki a wani wuri", aka sa ɗigo uku a gurbinsa don a nuna an tsallake wani abu. Wannan yankin an cire shi ne don kada ya zama habaici ga wata mai sana'ar. Gyaran da ya halatta ke nan: a rage, a cike gajerun rubutu irin "wlh" da "ngd", a sa aya da waƙafi. Abin da bai halatta ba shi ne ƙari. Da zarar "a bushe yake har ƙasa" ta koma "dambun da ya fi kowane a Arewa", an fita daga shaida an shiga ƙarya, kuma ita mai saƙon tana cikin masu kallo. Shi ya sa yana da kyau a haɗa rubutun da hoton saƙon na asali a shafi na biyu, bayan hoton dambun, domin mai shakka ya gwada ya gani.

Batun yajin shi ne inda masu sana'a da yawa za su yi gardama. Wa zai tallata aibin kayansa? A ganina barinsa ya fi cire shi riba, matuƙar an yi wani abu a kai. Mai karatu ya san ba a yin abinci ya yi wa kowa daidai, kuma shafin da kowane saƙo a cikinsa ke cewa komai ya yi ɗari bisa ɗari yakan sa mutum ya fara tunanin ko mai shafin ce ke rubuta wa kanta da ɗaya wayar. Ana yin hakan kuwa, kuma ana ganewa: kwastomomi biyar duk salon rubutunsu ɗaya, kuskurensu ɗaya, babu mai ambaton tasha ko direba ko ranar da kaya suka iso. Ɗan ƙorafin yaji yana nuna mutum ne na gaske ya ci. Amma idan ba a yi mai sauƙin yajin ba, kada a ce an yi. Haka nan idan ƙorafin shi ne zuciyar saƙon, misali ta ce dambun ya yi daɗi amma rabinsa ya zube a hanya, to wannan ba saƙon talla ba ne. Yanke rabinsa na farko a liƙa yaudara ce.

Kwastomomi da yawa ba sa rubutu, saƙon murya suke aikowa. Ana iya saurara a rubuta jimlar yadda aka faɗe ta, a ce daga saƙon murya ne. Sa muryar kanta kuwa yana buƙatar izini na daban, domin murya tana tona mai ita ko an rufe suna, musamman ga matar aure.

Akwai iyakar da izinin kwastoma ba ya ɗauke ta. Masu sayar da maganin gargajiya da man shafawa da kayan mata sukan samu saƙonni irin "ya warkar min da gyambon ciki" ko "na daina shan maganin asibiti". Daga lokacin da aka liƙa wannan a shafi, ya zama da'awar mai sayarwa, ba ta kwastoma ba, kuma tallan magunguna da abinci da kayan shafa yana ƙarƙashin ƙa'idojin hukumar NAFDAC. Ko ba don hukuma ba, wani mara lafiya zai iya karantawa ya ajiye maganinsa. Irin wannan jimlar a bar ta a waya. Haka kuma idan kyauta aka ba mutum ya ɗanɗana, ko 'yar uwa ce ta jini, a faɗa, kada a kira ta kwastoma.

Sitatus na WhatsApp yana gogewa bayan awa 24, don haka a can jimlar shaida da layin oda sun isa, a rubuta su da manyan haruffa a kan hoton. Cikakken rubutun a ajiye shi a Instagram ko Facebook, inda baƙo zai zo ya bincika kafin ya tura kuɗi. Tun da a can rubutu yana daɗewa, farashin nama kuwa ba ya zama wuri ɗaya, a riƙa rubuta watan da aka sa kuɗin, ko a koma a gyara idan ya canza. Saƙo goma a jere a rana ɗaya babu mai karanta su. A sa ɗaya yau, a kan bushewar dambu, wani kuma bayan kwana biyu a kan isowar kaya da wuri, kowanne da tsoron da yake kawarwa.

Mai sana'a, ki buɗe wayarki ki duba saƙonnin watan da ya wuce, ki nemo wanda ya ambaci wani abu takamaimai game da kayanki. Ki fara da neman izinin mai shi.